Gwarancin da ban saurara ba

Ɗana na fari yana wata 7 ya fara “ba-ba-ba”, mahaifinsa ya bi dangi da albishir wai yaro ya kira sunansa. Goggo ta yi dariya ta ce har buta Baba yake ce mata. Da gaskiyarta, gwaranci ne. Jariri yana haɗa leɓe ya buɗe, ya ji sautin da ya fito, ya sake gwadawa. Sai sautin ya tsaya kan abu guda yake zama kalma, kamar ranar da ya miƙa hannu wajen kofi ya ce “uwa”, gobe ma ya faɗa, yana nufin ruwa. Lokacin ya kusa shekara.

A kan ƙanwarsa na yi kuskure. Tana wata 3 tana ta “aaa” da “uuu”, tana ƙyalƙyala dariya, sai hankalina ya kwanta. Ashe ko jaririn da ba ya ji yana yin waɗannan. Gwaranci mai maimaita gaɓa, “ba-ba”, “da-da”, wanda yawanci ke zuwa tsakanin wata 6 da 10, shi ne ke buƙatar kunne. Ita har ta shekara ba ta yi ba.

Aka ce nauyin baki ne, gadon dangin uba. Aka ce linzami ne, na kai ta wajen wanzami, ta sha kuka a banza. Na kuma yi nawa gwajin: ina tafa hannu tana waiwayowa, na ce ai tana ji. Ban lura cewa a gabanta nake tafawa ba, idonta ne ke aiki. Sai da ta kai wata 20 aka auna jinta a asibiti, aka ce ya ragu a kunnuwan biyu, aka sa mata na'urar ji.

Abin mamaki, ba ta tsallake mataki ko ɗaya ba. Gwarancin ta fara, sannan kalma ɗai-ɗai, kowace dabba “meee” ce, har kyanwa. Da kalmominta suka kai wajen 50 ta soma haɗa biyu: “Mama zo”, “ba ruwa”. Yawancin yara suna kai nan tsakanin shekara ɗaya da rabi da shekara 2. Na daina ce mata “faɗi daidai”. In ta ce “Baba mota”, sai in ce “E, Baba ya shiga mota”, bayan watanni na ji “ya” ɗin a bakinta.

Ƙannena, in jariri ya kai wata 10 babu “ba-ba” babu “da-da”, ko ya shekara ba ya nuna abu da yatsa, ko ki kira sunansa ta bayansa, inda ba ya ganinki, bai juyo ba, ki ce a auna masa ji. Ni wata goma na ɓata ina jiran baki ya buɗe da kansa.