Gwajin sikelin tirela: tsakiya daidai, ƙarshe da giɓi

Sikelin da aka kira mu dubawa yana wani kamfanin sarrafa shinkafa a yankin Argungu. Ƙarfinsa tan 60, tsawon dandamalinsa mita 18, yana zaune kan lodsel takwas, wato ƙarafunan da ke jin nauyi su mai da shi siginar lantarki. Biyu-biyu suke, hagu da dama, saboda haka sashe huɗu ke nan. Allon da ke nuna nauyi yana tafiya kilo 20-20. Koken masu kawo shanshera shi ne tirela ɗaya tana ba da nauyi biyu: idan ta shigo daga gabas daban, idan ta juyo daga yamma daban. Manaja kuwa ya ce mini, "Injiniya, ai watan jiya muka ɗora tan goma a tsakiya, ya nuna cif." Gaskiya ya faɗa, sai dai nauyin da ke tsakiya lodsel na ciki ne ke ɗaukar mafi yawansa, na ƙarshen dandamali kusan hutawa suke.

Mun zo da duwatsun gwaji na tan 20, masu kilo 1,000 da masu kilo 500, ajin M1, kowanne da takardar shaidarsa. Dutsen kilo 1,000 na wannan aji ba a yarda ya kauce fiye da giram 50 ba. Akwai kuma ƙanana masu kilo 2 guda goma. Muka kunna allo ya ɗauki kamar rabin awa yana ɗumi, muka sa mota mai kaya ta hau ta sauka don ƙarafa su zauna, muka mai da shi sifili. Ban taɓa komai ba kafin karatun farko, domin wannan karatun ne ke nuna halin da aka yi ta ciniki a kai.

Gwajin sashe ya zo da farko. Muka zana wurin kowane lodsel da alli, muka jera tan 10 a tsakiyar faɗin dandamali, daidai kan layin kowane sashe. Dole fokilif, injin da ke ɗaga duwatsun, ya sauka gaba ɗaya kafin a karanta. Sashe na ɗaya da na biyu sun nuna 10,000, na uku 9,980, na huɗu 9,900. A ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sikeli, wato OIML R 76, sikeli irin wannan idan ana tantance shi sabo an yarda masa kuskuren kilo 10 har zuwa tan 10, kilo 20 daga nan zuwa tan 40, kilo 30 a sama da haka. Wanda ke bakin aiki ana ninka masa. Ko da ninkin, iyakarsa a tan 10 kilo 20 ce, ga shi sashe na huɗu ya ci 100.

Sashe yana gaya maka yankin da ciwo yake, kusurwa ce ke nuna ainihin wurin. Idan ƙafafun sikeli sun wuce huɗu, ana raba ƙarfinsa da adadin ƙafafun a cire ɗaya: 60 a raba 7, kusan tan takwas da rabi. Muka tara kilo 8,500 a kan lodsel na hagu a sashe na huɗu, ya nuna 8,500. Muka mai da su dama, ya nuna 8,340. Da muka sauke, allon bai koma sifili ba, ya tsaya a 20 na ɗan lokaci.

Wannan rashin komawa sifili shi ya hana ni buɗe akwatin wayoyi, inda wayoyin lodsel duka suke haɗuwa. Lodsel da siginarsa ta yi rauni yakan rage nauyi amma ya koma sifili lafiya. Wanda ke jan ƙafa wajen komawa, galibi wani abu ne ke riƙe dandamali. Na shiga ƙarƙashi da tocila. Ɓuntun shinkafa da iska ke kwasowa ya haɗu da lakar damina a wannan kusurwa, ya bushe ya zama kamar tubali, ya cike tazarar da ke tsakanin ƙarfen dandamali da siminti. Samansa har ya yi sheƙi saboda gugar ƙarfe. Duk lokacin da kaya ya danna, wannan dunƙule yana karɓar wani kaso na nauyin ya miƙa wa ƙasa ba tare da lodsel ya ji ba. Bolti mai tare dandamali a wannan ƙarshen shi ma ya manne da bango, alhali ya kamata a ga 'yar tazara ta milimita kaɗan. Irin wannan bolti da rana ake duba shi, don ƙarfe yana miƙewa da zafi, wanda ke da sarari da asuba yana iya mannewa da azahar.

Kilo 100 a tan 10 kashi ɗaya cikin ɗari ne. Idan tayoyin bayan tirela suka sauke tan 24 a wannan sashe, abin da zai ɓace ya kai kilo 240, fiye da buhu biyu masu kilo ɗari. Idan ta juyo, kan motar ne ke zama a wurin, shi kuma bai kai wannan nauyi ba, giɓin sai ya ragu. Nauyi biyun da masu shanshera ke gani ke nan. Da an bi ta allo an ƙara masa lamba don a cike giɓin, da sauran sassa uku sun koma ƙari.

Bayan an fasa dunƙulen an wanke, an sassauta boltin, muka maimaita. Kusurwar ta nuna 8,480. Allo mai tafiyar 20-20 yana ɓoye abin da ke tsakani, a nan ƙananan duwatsu ke aiki. Ana ƙara kilo 2, kilo 2, har lamba ta tsallaka gaba. Guda uku muka ƙara, kilo 6, ta koma 8,500. A lissafin da ke ƙasa, P shi ne ainihin awon sikelin, I lambar da allo ya fara nunawa, e tafiyar allo ta kilo 20, ΔL kuma abin da aka ƙara.

```
P = I + e/2 - ΔL
P = 8480 + 10 - 6 = 8484
```

Kuskuren ke nan kilo 16 ƙasa. Sikelin da aka yi wa gyara nakan riƙe shi kan iyakar sabo, kilo 10 a wannan nauyi, don haka sai daidaitawa a akwatin wayoyi. Kafin nan na auna milibolt, wato ƙarfin siginar kowane lodsel, ba kaya, na hagu da na dama a kowane sashe sun yi kusa da juna. Da ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, da alama ce ba ya zaune kan ƙafarsa, sai a ɗaga a saka masa siririn faranti a ƙasa. 'Yan sukurorin da ke cikin akwatin, ragewa suke yi, ba sa ƙarawa, saboda haka kusurwoyi masu yawa ake saukowa da su zuwa ga mai ƙaranci. Taɓa ɗaya yana ɗan motsa sauran, dole a sake zagaye takwas ɗin har su haɗu. Aiki ne mai cin rai, kuma nan mutane suka fi gajartawa.

Sai da kusurwoyi suka haɗu muka gyara sifili da ma'aunin allo, muka hau gwajin nauyi. Tan 20 kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfin sikelin, kuma ana yarda da hakan idan kaya ɗaya da aka ɗora sau uku bai bambanta da fiye da kilo 6 ba. Muka hau tan 5, 10, 20. Muka sauke duwatsu, muka sa tifa mai yashi har allo ya dawo daidai inda yake, muka mai da duwatsu a kai ya zama 40, muka sake haka zuwa 60, sannan muka karanta wajen saukowa. A ƙarshe mota mai kaya ta tsaya a farko, tsakiya da ƙarshe, ta juyo ta maimaita. Bambancin bai wuce kilo 20 ba.

Buga wa sikeli hatimin tantancewa aikin jami'an awo da ma'auni ne na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Abin da na bar wa mai kula da sikelin shi ne ya share ƙarƙashi duk mako a lokacin kakar shinkafa, kuma ya riƙa tsayar da gajeriyar tifa mai kaya a wurare ukun nan yana rubutawa. Ranar da bambancin ya kai kilo 40, ya leƙa ƙasa da tocila kafin ya kira kowa.