Gurbin ƙarfe huɗu

Ranar Laraba na tsara sanarwar cewa takin zamani ya iso shagonmu, sai na jefa ta cikin layin Buffer, manhajar da ke fitar min da saƙonni a shafukan sada zumunta a lokutan da na ware. Layin yana cike gurbin da ya fara samu. Gurabena biyu ne kullum, ƙarfe 7 na safe da 4 na yamma. Na manta akwai tallan iri guda huɗu a gabanta. Sai yau Juma'a da la'asar ta fita, kasuwar Wudil ta fara watsewa. Wani dattijo ya kira ni: "Ɗana, ai da na gani da safe da na biyo."

Raina ya sosu. Layin bai san ranar kasuwa ba, bi da bi kawai yake yi. Tallan iri zai iya jira, amma wannan sanarwa, da na kafe mata Alhamis da dare.