Inbois mai layi biyu da abin da ya koya mini game da CSV

Abin da aikin shigar da inbois cikin manhajar akanta ya fi koya mini shi ne, takardar inbois hawa biyu gare ta, fayil ɗin CSV kuwa, wanda waƙafi ke raba gurabensa, shimfiɗe yake. A saman takarda akwai sunan mai kaya, lamba da kwanan wata, sau ɗaya tak. A ƙasa kuma layukan kaya ne. Samfurin shigarwa na manhajar Xero, alal misali, layi ɗaya yake so ga kowane kaya, kuma lambar inbois ce ke haɗa layukan su zama takarda guda. Don haka nakan maimaita bayanan sama a kowane layi.

Ga inbois mai lamba 00457: rim 10 na takarda, kowane 125.00, da tawada 2, kowace 400.00. Kuɗin kaya 2,050.00, haraji kashi 10 cikin ɗari 205.00, jimilla 2,255.00. Ga wani yanki na fayil ɗin:

```
*InvoiceNumber,*InvoiceDate,*Description,*Quantity,*UnitAmount
00457,03/04/2024,"Takarda A4, rim",10,125.00
00457,03/04/2024,Tawada,2,400.00
```

Inda aka fi tuntuɓe shi ne *UnitAmount, gurbin farashin guda. Manhajar da ke ciro bayani daga takarda takan ba da farashin guda da kuma kuɗin layi gaba ɗaya, sunayensu kuma na kama da juna. In kuɗin layin takarda A4, 1,250.00, ya faɗa wannan gurbin, manhajar akanta za ta ninka shi sau 10, layin ya tashi 12,500.00, kuma ba za ta yi ƙorafi ba, domin a wurinta lamba ce lafiyayya. Waƙafin da ke cikin 1,250.00 ma wata matsalar ce. In ba a cire shi ba, kuma ba alamar zance, sai ya raba lambar gida biyu, duk abin da ke bayansa ya gusa gurbi ɗaya. Dalilin da ya sa "Takarda A4, rim" ke cikin alamar zance ke nan.

Kwanan wata 03/04/2024 kuwa 3 ga Afrilu ne ko 4 ga Maris, gwargwadon tsarin da manhajar ke bi, sai a duba tun kafin shigarwa. Excel shi ma, in aka buɗe fayil da shi kai tsaye aka adana, 00457 zai koma 457. Ni da editan rubutu nake dubawar ƙarshe.

Bayan shigarwa, tun inbois ɗin na matsayin daftari, nakan gwada jimillarsa da ta takarda, domin bambancin kan nuna inda kuskuren yake. In na ga 2,050.00, wataƙila an zaɓi cewa haraji na cikin farashi alhali ba ya ciki, ko kuma gurbin nau'in haraji, *TaxType, bai dace ba. In na ga 1,375.00, layin tawada ne ya ɓace ko ya tafi ƙarƙashin wata lamba, sai in koma gurbin *InvoiceNumber in duba ko wani sifili ya faɗi.