Inda Aiki Ya Kai: Ɗakin da Ƙura Ke Ba da Labarinsa

'Yan uwa masu koyon haɗa wasannin kwamfuta, ɗakin da muke ginawa a Godot 4 ya shiga matakin tsufarwa. Ƙa'idarmu tana nan: babu magana, babu rubutu, amma ɗan wasa ya fita da sanin cewa mutum huɗu ne suka zauna a nan, suka ragu har ya saura ɗaya.

Abin da muka riƙe shi ne, lalacewa ita kaɗai ba ta nuna rashi. Idan komai ya tsufa daidai wa daida, wanda ya shiga zai ce tsohon gida ne, shi ke nan. Sai an sa abu biyu iri ɗaya kusa da juna, shekarunsu sun bambanta, sannan ido zai tambayi dalili.

Saboda haka muka jera kujeru huɗu a gefen tebur. Uku an tura su ciki, ƙura ta rufe su. Ta huɗun an jawo ta baya kamar rabin mita, ta ɗan karkace, mazauninta ya yi santsi saboda yawan zama. A ukun nan `roughness` yana kusa da 0.9, a ta huɗun kuwa wajen 0.5, don ta ɗan kama haske. Ƙurar ukun ma ba ɗaya ba ce: guda ta fi kauri har da yanar gizo-gizo, guda kuma ba ta daɗe da fara kwanciya ba. Wannan ne ke nuna ɗaya bayan ɗaya suka tafi, kuma a ganinmu nan ne ciwon yake.

Da `Decal` ake shimfiɗa ƙurar, kuma yana da tarkuna. Ƙasa yake harba hotonsa, don haka in ana son farin shacin da hoto ke bari a bango idan an cire shi, sai an juya `Decal` ɗin digiri 90. Yana kuma shafa duk abin da ya shiga akwatinsa. In kun ga ƙurar tebur ta hau kujera mai tsabta, ku ware kujerar a wani `layer` na daban, ku cire shi daga `cull_mask` na `Decal` ɗin. Masu nufin waya su lura, a `Mobile` takwas kawai ke fitowa a kan abu guda, sauran sai su riƙa ɓacewa.

Hasken taga mun karkato shi kan kujerar ta huɗu, domin ido wurin da ya fi haske yake fara zuwa. Tarkacen ƙasa kuma mun rage, tunda in sun yi yawa suna binne kujerun.

Gwaji ne ya rage. A ba wanda bai san shirin ba minti biyu a ɗakin, sannan a tambaye shi mutum nawa ne suka zauna a nan, wa ya saura. In ya ce huɗu amma bai gane saura ɗaya ba, a ƙara bambancin da ke tsakanin ƙura da santsin, kada a ƙara kaya.