Kashi 4 a wata ba kashi 48 ba ne a shekara

Aikin ofishinmu a nan Katsina shi ne riƙe wa 'yan kasuwa littafin lissafi, da duba musu takardun banki kafin su sa hannu. Masu zuwa yawancinsu 'yan hatsi ne da masu shagunan kayan masarufi, sai masu saro kaya daga Kano su kai Jibiya ko Mai'aduwa. Takardar da aka fi kawowa ita ce ta rancen ƙananan bankuna, kuma kusan kullum da wata ake faɗin kuɗin ruwanta: kashi 3, kashi 4, wani lokaci kashi 5 cikin 100. Manyan bankuna kuwa da shekara suke faɗi. Mutum ba zai iya kwatanta biyun ba sai ya mayar da su mudu ɗaya, kuma a nan ne ake yawan ɓata lissafi.

Mutanenmu da yawa ba sa taɓa kuɗin ruwa saboda addini, kuma ba mu taɓa tura kowa ga rance ba. Amma lissafin yana da amfani ko ga wanda bai ci bashi ba, don da shi ake gane yadda tashin farashin kaya na wata-wata yake taruwa a shekara, da shi kuma ake nuna wa wanda yake shirin sa hannu ainihin nauyin da zai ɗauka.

A ɗauki naira 500,000 a kan kashi 4 a wata, ba a biya komai sai ƙarshen shekara, kuma ruwan kowane wata ana tara shi a kan uwar kuɗi. A ƙarshen watan farko bashin ya zama 520,000. A wata na biyu ba a kan 500,000 za a cire kashi 4 ba, a kan 520,000 ne, wato 20,800, sai bashin ya koma 540,800. Wata na uku ya zama 562,432. Haka zai yi ta hawa, ruwa yana haifar ruwa, har a ƙarshen wata na 12 ya kai 800,516. Wanda ya yi 4 sau 12 ya samu 48 zai sa rai da 740,000, sai ya tarar da ƙarin 60,516 da bai shirya musu ba. Ainihin kuɗin ruwan shekarar kashi 60.1 ne.

Abin lura shi ne kowane wata ana ninka bashin da lamba ɗaya, 1.04. Wannan lambar ita ake aiki da ita, ba 4 ɗin ba. Saboda haka matakin farko shi ne a raba kason da 100, 4 ta koma 0.04, a ƙara mata 1. Sai a ninka 1.04 da kanta har ta fito sau 12, a samu 1.6010. Daga nan a ɗebe 1 ɗin da aka ƙara, saura 0.6010, a ninka da 100. A Excel ko kalkuletar waya mai alamar `^` haka ake rubutawa:

```
=(1+0.04)^12-1
```

Wanda ƙaramar kalkuletar shago kawai yake da ita ba sai ya danna sau 12 ba, don a nan ake ɓata ƙirge. Idan ninkin ya tsaya a 11 za a ga 1.5395, idan ya zarce zuwa 13 za a ga 1.6651, kuma duk biyun suna kama da amsa mai kyau. Hanyar da muke koya wa yaran ofis ita ce a ninka 1.04 da 1.04, a samu 1.0816, na wata biyu. A ninka 1.0816 da kanta, a samu 1.16986, na wata huɗu, a rubuta ta a takarda. A sake ninka wannan da kanta, a samu 1.36857, na wata takwas. Sai a ninka na wata takwas da na wata huɗun da aka rubuta, a samu 1.6010. Ninki huɗu kawai, kuma kowanne ana iya duba shi.

Tazarar da ke tsakanin lissafin gaskiya da na "sau 12" tana ƙaruwa da sauri idan kason ya hau. Kashi 1 a wata yana ba da 12.68 a shekara, bambancin bai taka kara ya karya ba. Kashi 3 yana ba da 42.58 maimakon 36. Kashi 5 yana ba da 79.59 maimakon 60. Masu ba da bashi a kan kashi 10 a wata kuwa, nasu ya haura kashi 213 a shekara, ba 120 ba.

Komawa baya, daga shekara zuwa wata, ya fi ba mutane wahala, don hannu yana saurin kaiwa ga rabawa da 12. A ce an faɗi kashi 30 a shekara, kuma an tabbatar cewa wannan shi ne ainihin abin da kuɗin zai ƙaru da shi bayan an tara ruwa kan ruwa. Tambayar ita ce wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta sau 12 za ta ba da 1.30. Ana samun ta haka:

```
=(1+0.30)^(1/12)-1
```

Amsar 0.022104 ce, wato kashi 2.2104 a wata. Wanda ya raba 30 da 12 zai samu 2.5, kuma idan ya ɗora 2.5 a kan kuɗi wata 12 ba 30 zai tarar ba, 34.49 zai tarar. Ya ɗora wa kansa, ko wa wanda yake bi, kusan kashi huɗu da rabi da babu su a yarjejeniya.

Bakan da ke zagaye da `1/12` wajibi ne. Idan aka rubuta `1.30^1/12` ba baka, na'ura za ta fara da `1.30^1`, sannan ta raba da 12, ta ba da 0.1083. Alamar gane wannan kuskuren mai sauƙi ce: kafin a ɗebe 1, dole amsar ta ɗan fi 1 kaɗan. Idan ta gaza 1, baka ya faɗi. Haka nan kada a yi saurin yanke lambobin bayan ɗigo. In aka taƙaita 2.2104 zuwa 2.2, a komo shekara sai a ga 29.84, in aka mayar da ita 2 cif sai a ga 26.82. A bar aƙalla lambobi huɗu bayan ɗigo har a gama, a taƙaita a ƙarshe. Ƙa'idarmu kuma ba a miƙa wa mai kaya amsa sai an juya ta: a ɗauki 1.022104 a ninka ta da kanta har ta fito sau 12, in ba ta dawo 1.30 ba, akwai inda aka kauce.

Excel yana da `EFFECT` da `NOMINAL`, suna aiki daidai, amma ba kason wata suke karɓa ko bayarwa ba. `EFFECT` yana son kason shekara na suna kawai, wato na wata sau 12, don haka `=EFFECT(0.48,12)` ne yake ba da 0.6010. Wanda ya saka `=EFFECT(0.04,12)` zai ga 0.0407, don na'urar ta ɗauka kashi 4 ɗin na shekara ne. Shi kuma `=NOMINAL(0.30,12)` yana ba da 0.2653, sai an raba ta da 12 kafin 0.0221 ta wata ta fito.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi dannawa muhimmanci, wato sanin wace irin lamba ce a takardar. Idan takardar banki ta ce kashi 30 a shekara, ana lissafawa wata-wata, galibi kason suna ake nufi, kuma a nan rabawa da 12 ita ce daidai: 2.5 a wata, ainihin na shekara 34.49. Lamba ɗaya ce, 30, amma na wata zai iya zama 2.5 ko 2.2104 gwargwadon abin da aka nufa da ita. Shi ya sa kafin mu taɓa kalkuleta mukan ce, "Alhaji, a koma wajen ma'aikacin a tambaye shi, a kan me ake cire ruwan, kuma duk yaushe ake tara shi? A roƙe shi jadawalin biya a rubuce." Jadawalin ne yake nuna gaskiya, don a ciki ake ganin naira nawa za ta fita a wace rana.

Mafi tsada a cikin kurakuran nan shi ne ɗaukar kason da ma'aikatan banki ke kira filat a saka shi kai tsaye cikin lissafin sama. A filat ana cire kashi 4 a kan cikakkiyar 500,000 kowane wata, ko da mutum yana ta rage bashin. Ruwan shekara 240,000 ke nan, jimla 740,000, biyan kowane wata 61,666.67. Amma bayan wata shida mutum ya mayar da kusan rabin uwar kuɗin, ga shi ana ci gaba da cire masa 20,000 kamar duk kuɗin suna hannunsa. To 4 ɗin nan ba ita ce kason wata na gaskiya ba, sai an nemo shi daga biyan da ake yi:

```
=RATE(12,-61666.67,500000)
```

Wannan yana ba da kimanin kashi 6.62 a wata. Ita ce za a raba da 100, a ƙara mata 1, a ninka da kanta har ta fito sau 12, sai a ga ainihin na shekara ya kai kimanin kashi 116. Alamar ɗebewa da ke gaban 61666.67 tana nuna kuɗin fita suke yi, in aka manta da ita Excel ba zai ba da amsa mai ma'ana ba. Idan kuma an zare kuɗin fom ko na inshora tun kafin a miƙa rancen, abin da ya shigo hannu za a rubuta a madadin 500000, kuma kason zai ƙara hawa.

Akwai tambayar da masu lura sukan yi: idan mutum yana biyan ruwan 20,000 kowane wata, uwar kuɗin kuma sai ƙarshen shekara, ai 240,000 kawai ya biya, ina 60.1 ta fito? Gaskiya ne, nairar da ta fita daga aljihunsa kashi 48 ce ta uwar kuɗi, kuma ita za mu rubuta a littafin kashe kuɗi. Sai dai ya rabu da 20,000 ta farko wata 11 kafin shekara ta cika, kuɗin da da suna cikin jari suna juyawa. Idan za a kwatanta wannan rancen da wani da ake biya gaba ɗaya a ƙarshen shekara, 60.1 ce za a ɗora kusa da kason wancan, ba 48 ba.