Alhamis: wasiƙar gidan Zango

Yau ba ni da darasi bayan azahar, sai na zauna na gama wasiƙar da nake son aika wa 'yan'uwa a kan gidan Baba na unguwar Zango a Damagaram. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa, gidan yana nan ba a raba ba. In an haɗu wajen biki ko suna sai a ce ai za a zauna, daga nan kowa ya kama gabansa. A cikin wannan jiran ne Yaya babba ya bi bayan Baba, shekara biyu da suka wuce, ya bar mata da yara maza biyu ƙanana. Masu haƙƙi a gidan sun ƙaru, gidan kuwa sai tsufa yake yi.

Da safe kafin in tafi lakwal na biya wajen Malam, abokin Baba, da 'yar takardata, don ya duba mini lissafin kafin wani ya gani. Ya sa tabarau, ya bi sunayen da yatsa, ya tambaye ni abu biyu kawai: wa ke raye ranar da Baba ya rasu, wa kuma ke raye ranar da Yaya ya rasu. Ya ce gado biyu ne a cikin gida ɗaya, kar in cakuɗa su.

Na farkon mai sauƙi ne. Baba ya bar mata biyu, Innarmu da Hajiya, da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Tunda akwai 'ya'ya, matan suna da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, su raba shi tsakaninsu. Saura bakwai, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Mu mata uku kashi ɗaiɗai, maza biyu kashi bibbiyu, bakwai cif. Wannan ba wanda zai yi gardama a kai, ba kuma abin da za a jefa ƙuri'a ba ne.

Na biyun ne nake jin zai tayar da ƙura. Kashi biyun Yaya bai dawo mana ba, tunda ya riga ya gaji Baba kafin ya rasu. Dukiyarsa ce, magadansa za su ci. Hajiya ce ta haife shi, tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida. Matarsa tana da tumuni. Sauran na yaran ne, mu 'yan'uwansa ba mu da ko dala, domin ɗa namiji yana kange 'yan'uwa. Sakamakon haka Hajiya za ta fi Inna samu. Na san Inna ba za ta ce komai ba, amma na san masu ce mata, shi ya sa na rubuta dalilin a fili a cikin wasiƙar.

Abin da na lura da shi tun da na fara wannan aiki, a gidajen da na sani ba kan kason ake yin rigima ba. Ana yin ta ne a kan abin da ke gaban kason: nawa aka sayar, wa ya yanka kuɗin, me aka cire kafin a raba, kuɗin a hannun wa suka kwana. Saboda haka rabin wasiƙar a kan waɗannan take, kuma ina son kowa ya amince da su tun ba a ga mai saye ba. In mutum ya ji an taya gida miliyan ashirin, kunnensa ya daina jin bayani.

Na fara da dalilin sayarwa, a gajarce. Zaure ɗaya ne, famfo ɗaya, shago ɗaya a bakin hanya. In aka ce a yanka shi takwas, wani zai samu shago wani ya samu bayan gida. Malam ya ce a Risala ta Ibnu Abi Zaid an faɗa cewa abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, in ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a sayar ana tilasta wa wanda ya ƙi. Na ji, amma ban sa shi a wasiƙar ba. Hajiya tana cikin gidan nan fiye da shekara arba'in, ba zan aika mata da takarda mai kalmar tilas a ciki ba.

Sai batun kima. Na ba da shawara a kira mutum uku su yi wa gidan kuɗi, kowa daban, ba tare da ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa ba: dillali ɗaya da ƙanena zai kawo, ɗaya da Hajiya da matar Yaya za su kawo, da magini ɗaya da mai unguwa zai nuna mana. A ɗauki na tsakiya, ya zama shi ne ƙasan farashi, ba a sallamawa ƙasa da shi sai kowa ya yarda. Dillali shi kaɗai ba abin dogara ba ne, la'adarsa tana zuwa ne in ciniki ya faɗa, sauri ya fi masa tsada amfani. In ka ji ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe amma sai an yi maza, ko ya ƙi haɗa ku ido da ido da mai sayen, to akwai farashi biyu.

Bayan kima, kafin a kai wa bare, 'yan gida ne farko. Wanda ke son ya riƙe gidan a kan wannan farashi yana da kwana talatin ya faɗa, wata uku ya biya sauran. Na san ƙanena yana da sha'awa saboda shagon. Na rubuta cewa farashin ɗaya ne da na bare, ba ragi, domin ragin daga aljihun marayu zai fito.

Ga yadda na sa misalin a wasiƙar, na kwafe shi kamar yadda yake:

“'Yan'uwa, wannan misali ne kawai, ba a taya gidan ba tukuna. A ce an sayar sefa miliyan 21. Za a fara cire bashin Baba na mai siminti, jika 500, domin bashi yana gaban gado. Sai jika 800 na gyaran katanga da rufi da ƙanenmu ya yi. Sai kimanin jika 500 na la'ada da takardu. Saura 19,200,000. In an kasa takwas, kowane kashi 2,400,000 ne. Inna da Hajiya 1,200,000 kowacce. Mu mata uku 2,400,000 kowacce. Ƙanenmu 4,800,000. Rabon marigayi Yaya 4,800,000, a cikinsa Hajiya tana da 800,000, matarsa 600,000, yaran biyu 1,700,000 kowanne. Jimillar Hajiya ta zama miliyan biyu.”

Na rubuta komai da lamba kuma da sefa, saboda Autarmu da ke aure a Kano. Rabonta a sefa za a ba ta, in ta ga dama ta canza zuwa naira da kanta a ranar da ta zaɓa. Ba na son wata uku bayan nan a ce an canza mata a ranar da kasuwa ba ta da kyau.

Wurin da ya fi cin mini lokaci shi ne jika 800 ɗin nan. A damanar 2024, wadda tsohon masallacin Birni ya rushe a cikinta, katangar gabas ta gidan ta faɗi, ɗakin Hajiya ya riƙa yoyo. Ƙanena ne ya gyara da kuɗinsa, ba wanda ya ba shi ko sisi. Ya kawo mini takardun cikin wata leda baƙa: rasit ɗin siminti da na kwano, wasu sun koɗe har sai an kai su rana, da wani gefen kwali da magini ya rubuta kuɗin aikinsa da biro. Na tattara na samu jika 800 daidai. Shi yana cewa ya kashe fiye da miliyan, kuma ban ƙaryata shi ba, amma na rubuta cewa abin da ke da takarda ko shaida shi za a cire, sauran Allah ya ba shi lada.

To amma shi ma yana cikin shagon gidan yana kasuwanci ba haya. Shago irinsa a wannan layin jika ashirin ne a wata. Ni na yafe rabona a ciki, na kuma roƙi manya su yafe, tunda shi ke kula da gidan. Na marayu ne ba mai ikon yafewa, ko mahaifiyarsu. Daga rasuwar Yaya wata 24 ke nan, hayar ta kama jika 480, rabon yaran a ciki jika 85. Na ce a cire wannan daga rabonsa a ƙara musu. Kuɗin ba su da yawa, amma ran da yaran nan suka girma suka tambaya, gara a samu takardar da za a nuna musu.

Sauran na bi su da sauri. Takardar shaidar magada da muka karɓo a kotu bayan rasuwar Baba tana da sunan Yaya, dole a yi wata ta magadansa, da takardar zaman dangi da ta nuna waliyyin yaran. Yayarmu mace da ke Yamai da Auta, in ba za su zo ba, kowacce ta aiko da wakilci a rubuce mai hatimin hukuma, saƙon murya ba zai wadatar ba. Ciniki a gaban notar za a yi shi. Kuɗin kuma kar su kwana a ɗakin kowa, har ni, kowa ya karɓi nasa ya sa hannu gaban shaidu biyu, na yaran a ajiye a banki da sunansu. Na ƙara sharaɗi ɗaya da nake ganin ba a sayarwa sai da shi: mai saye ya ba Hajiya da matar Yaya wata shida kafin su tashi, ko da hakan zai rage mana masu taya.

Bayan la'asar na hau adaidaita na tafi Zango, hanya cike da 'yan kasuwar Dole. Hajiya ba ta karatun boko, ban kuma so ta ji wasiƙar a bakin wani ba. Na karanta mata a tsakar gida, matar Yaya tana gefe tana tsince shinkafa. Da na kai kan miliyan biyu ba ta ce komai ba. Da na kai kan wata shida sai ta tsayar da ni.

“'Yar nan, wata shidan daga yaushe? Daga ran da aka yi ciniki ko daga ran da kuɗi suka shigo hannu?”

Na ce, “Hajiya, wanne kika fi so?”

Ta ce daga ran da ta ga kuɗinta, tunda da su za ta nemi wurin zama. Na ciro biro na rubuta haka a gefen takardar, na karanta mata ta ji.

Da daddare na ɗauki hoton shafuka ukun na tura wa kowa lokaci guda, don kar a ce wani ya riga wani gani, na ba da mako biyu a ba ni amsa. Yaya ta Yamai ta amsa nan take, ta ce ta yarda da komai, sai dai tana son a kira mata maginin a waya ta ji daga bakinsa. Auta ba ta buɗe ba tukuna. Ƙanena ya turo saƙon murya mai tsawo, ya ce bai ƙi biyan marayu ba, amma jika ashirin ta yi yawa, shagon ba wuta, maƙwabcinsa sha biyar yake biya. Na ce masa gobe bayan Juma'a mu je tare mu tambayi masu shaguna uku na layin, abin da ya fito a tsakiya da shi za a yi lissafi. Ya ce to, amma shi zai zaɓi biyu daga ciki. Na ce ɗaya.