Zanen leɓen da na yi

Shekara uku ke nan da aka yi min zanen leɓe da allura a Dubai. Ranar farko leɓena ya kumbura, launin ya yi jawur. Cikin mako guda ɓawo ya ɓare, kusan rabin launin ya bi shi.

Abin da ya wahalar da ni ƙurajen zazzaɓi ne, suka feso kwana uku bayan aikin. Ashe allurar na tayar da ƙwayar cutar da ke kwance a jiki, da na sani da na faɗa wa likita ya ba ni magani tun farko.

Yanzu rana da sabuntawar fata sun cinye launin tsakiyar, saura layin gefe kamar na ja da fensir. Gogewa da na'urar hasken leza ma na iya mayar da launin baƙi, shi ya sa na ƙyale shi.